Jawabin Kama Aiki na Shugaban Ɗalibai: Wane Alkawari Ne Yake Hannunsa?

Ranar da ake rantsar da sabon shugaban ƙungiyar ɗalibai a jami'a, zauren taro yakan kasu biyu ko da ba a ja layi ba. A kujerun gaba akwai shugaban jami'a ko wakilinsa, da magatakarda, da shugaban sashen kula da harkokin ɗalibai, wanda ɗalibai ke kira Din, da babban jami'in tsaro. Can baya kuwa ga waɗanda suka yi masa kamfe, suna ta kirarin "aluta", suna jiran su ji ya ɗaga murya. Jawabin da zai yi na minti goma ko sha biyar dole ya shiga kunnen ɓangarorin biyu, kuma kowanne da abin da yake tsoro. Hukuma na tsoron ta rantsar da mai tayar da tarzoma, ɗalibai na tsoron sun zaɓi ɗan amshin shata.

Wannan tsoro yana da tarihi. A watan Afrilun 1978 ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini ya haifar da zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da sunan kwamishinan ilimi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayuka, ciki har da a Zariya, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa da Segun Okeowo ke shugabanta, sai a 1980 aka kafa wadda ta gaje ta. A watan Mayun 1986 an sake kashe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello. A Yamai kuma, ranar 9 ga Fabrairun 1990, an harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy. Saboda haka duk kalmar da ta fita daga bakin sabon shugaba, akwai mai auna ta da abin da ya taɓa gani.

Amma abin da ya fi kayar da shugabannin ɗalibai a yau ba zafin kai ba ne, alkawarin abin da ba ya hannunsu ne. Ɗan takara zai ce zai rage kuɗin rajista, zai kawo ƙarshen ɗauke wuta, zai hana yajin aiki ya taɓa karatu. Ko ɗaya babu wanda yake ikonsa. Kuɗin rajista hukumar jami'a da majalisar gudanarwarta ne ke yankewa. Jadawalin karatu da na jarrabawa na majalisar malamai ne. Yajin aikin malaman jami'a kuwa tsakaninsu ne da gwamnati. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur, kuma shugabannin ɗaliban da ke kan mulki a lokacin a gida suka cinye shi kamar kowa. Jawabin kama aiki shi ne wuri na farko, wataƙila ma na ƙarshe, da shugaba zai iya raba alkawuran kamfe gida biyu a bainar jama'a: wanda zai yi da kansa, da wanda iyakarsa ya nema.

Hanya mafi sauƙi ta gane iyakar ikon ƙungiya ita ce a buɗe asusunta. Mu ɗauki misali na lissafi kawai: jami'a mai ɗalibai 20,000, kowa na biyan naira 1,000 kuɗin ƙungiya a shekara. Naira miliyan 20 ke nan a takarda. Sai dai a yawancin makarantu ana karɓar kuɗin ne tare da rajista, su shiga hannun ma'ajin jami'a, ba sa fitowa sai majalisar wakilan ɗalibai ta amince da kasafi, Din ya sa hannu. Ɗalibai da yawa ba sa kammala rajista sai zango ya yi nisa, don haka kuɗin kan zo ne kashi-kashi. A cire bikin makon ɗalibai, da gasar ƙwallo, da takardun ofis, da bashin da shugabannin baya suka bari wa mai buga riguna, a ga abin da ya rage. Ragowar za ta iya gyara injin rijiyar burtsatse a ɗakunan kwanan mata, ta sa fitilu masu aiki da hasken rana a hanyar ɗakin karatu, ta biya wa wasu marasa hali rajista. Ba za ta gina ɗakin kwana ba, ba za ta riƙe man janareta na zango guda ba.

Lokaci ma haka yake. Wa'adin shekarar karatu ɗaya ne, zango biyu. In aka fitar da makonnin jarrabawa da hutu da jiran sakin kuɗi, watannin aiki ba su da yawa, ga shi shugaban da kansa ɗalibi ne, sau da yawa ɗan ajin ƙarshe mai rubutun kammala digiri a wuyansa.

To yaya maganar gaskiya take sauka a kunne? A ce matsalar ita ce ruwa. Shugaban da ke neman tafi zai ce, "Daga yau an gama wahalar ruwa a wannan jami'a." Wanda ya san aikinsa zai ce wani abu kamar haka: "Ranka ya daɗe shugaban jami'a, 'yan'uwana ɗalibai, rijiyar da ke bayan ɗakunan kwanan mata injinta ne ya ƙone. Mun kira mai gyara ya duba, mun karɓi farashi, kuma kuɗin ƙungiya zai iya ɗauka. Za mu sa shi a kasafin da za mu kai majalisar wakilai mako mai zuwa, in Allah Ya yarda ruwa zai dawo kafin jarrabawar wannan zango. Babban bututun da ya fashe kuwa aikin sashen ayyuka ne, ba namu ba. Za mu rubuta musu, mu liƙa kwafin takardar a allon sanarwa, duk amsar da suka bayar ku gani." Na biyun bai kai na farko daɗi ba, kuma na tabbata tafinsa zai ragu. Amma ya ambaci wuri, da dalili, da inda kuɗi zai fito, da ranar da za a tuhume shi. Ya kuma ɗora wa hukuma nauyinta a gaban shugabanta ba tare da ya zage ta ba, abin da ya fi ihu tasiri, domin mutum ba ya son a karanta sunan sashensa a allo kowace safiya.

Mai sauraro na iya gwada kowane alkawari da tambaya ɗaya: idan ba a cika shi ba, ta yaya zan sani? "Za mu kare muradun ɗalibai" ba ya karyewa, saboda babu abin da ya ƙunsa. "Za mu liƙa bayanin kuɗin da ya shigo da wanda ya fita a ƙarshen kowane zango" yana iya karyewa, shi ya sa ba kowa ke son furta shi ba.

Batun kuɗin rajista ne ya fi wuya, tun da jami'o'i da dama suka yi ƙari a 2023. Nan shugaba mai gaskiya zai faɗi abin da zai nema: a ba da damar biya kashi biyu, a tsawaita wa'adin rajista, kada a hana ɗalibin da ke jiran bashin karatu na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2024, shiga jarrabawa. Waɗannan buƙatu ne da hukuma kan iya amincewa da su ba tare da ta yi asarar ko kwabo ba. Ya kuma faɗi matakin da zai ɗauka in an ƙi: takarda, sai zama, sai babban taron ɗalibai ya yanke shawara. Zanga-zanga ba abin da zai yi alkawarinta ko ya rantse ba zai yi ba ne, domin ba shi kaɗai ke yanke ta ba, kuma in ta ɓaci har aka rufe makaranta, ɗalibai ne ke dawowa su tarar da kuɗin diyyar kayan da aka fasa yana jiransu a takardar rajista.

Akwai kuma waɗanda ba su zaɓe shi ba. Zaɓen jami'a yakan bi layin jiha, ko tsangaya, ko addini, kuma bayan an ƙirga ƙuri'a raunin na nan. Cewa "ni na kowa ne" ba ta warkar da shi. Abin da ke aiki shi ne ya kira sunan abokin takararsa, ya ɗauki shawara ɗaya daga cikin manufofinsa ya ce zai aiwatar, ya kuma sanar da cewa kwamitin binciken kuɗi zai kasance a hannun wanda ba ɗan tafiyarsa ba.