Harafin Aro a Cikin Bugun Hausa

Duk wanda ya taɓa miƙa rubutunsa na boko ga mai buga littafi, sa'an nan aka dawo masa da shafin gwaji ya tarar wasu haruffa sun fi 'yan'uwansu kauri ko sun kasa su tsawo, alhali kuwa babu kuskuren ƙa'ida ko ɗaya a cikin kalmomin, to ya gamu da mas'alar da mafi yawan masu karatu ke gani ba tare da sun san sababinta ba. Mas'alar ta haruffa masu ƙugiya ce, su takwas ne, manya da ƙanana, wato Ɓ ɓ, Ɗ ɗ, Ƙ ƙ da Ƴ ƴ, ko da yake biyun ƙarshe a Nijar aka fi amfani da su, a Nijeriya kuwa 'y ake rubutawa.

Asalin illar yana cikin yadda aka jera haruffan a kundin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa. Ƙaramin ɓ, mai lamba U+0253, da ƙaramin ɗ, mai lamba U+0257, suna cikin babin alamomin ilmin furuci da ake kira IPA Extensions, amma manyansu, da ƙ da ƴ duka, suna wani babi dabam mai suna Latin Extended-B. Saboda haka mai zana zubin haruffa, in ya ɗauki babi ɗaya ya bar ɗaya, ko ya tsinci kaɗan daga kowane, sai ya fitar da zubi mai ƙ babu ɗ, ko mai ɗ babu Ɗ, shi kuwa a zatonsa ya kammala aiki.

Idan harafi ya faskara, abu biyu ke faruwa, kuma mafi sauƙinsu shi ne kwamfuta ta ajiye ɗan akwati a gurbinsa, domin wannan aibi ne bayyananne wanda ko almajirin maɗaba'a zai gani. Na biyun ya fi wuyar sha'ani: sai na'urar ta aro harafin daga wani zubi ba tare da ta sanar da kowa ba, ta cusa shi a tsakiyar kalma, har ya zama kamar ƙyallen shadda da aka yi wa rigar saƙi faci da shi. Kalmar tana karantuwa, amma ido yana tuntuɓe a kanta, kuma da yake ɗ da ƙ ba su cika barin layin Hausa ba, tuntuɓen ba ya ƙarewa har ƙarshen shafi.

Hanyar tahƙiƙi ita ce a rubuta jimla guda da ta tara su, misali: Ɗan Ƙaura da Ɓaidu sun ɓoye ƙaƙƙarfan ɗan rago, a ƙara Ƴ da ƴ in bugun na Nijar ne. A cikin Word, in aka haskaka harafin ɗ shi kaɗai, a dubi sunan zubin da ya bayyana a sama. Idan ya saɓa da na sauran kalmar, aro ne. In kuwa takardar PDF ce, a buɗe bayananta a duba jerin Fonts, domin baƙon suna a nan hujja ce isasshiya. Wajibi ne a maimaita jimlar da rubutu mai kauri, da mai kishingiɗa, da mai haɗa biyun, saboda kowannensu fayil ne mai zaman kansa, kuma sau da yawa akan cika na rubutun yau da kullum a yi sakaci da waɗannan ukun, shi ya sa kanun labari ke lalacewa jikin labarin yana lafiya.

Samun harafin kuma bai wadatar ba, sai an auna shi da mizanin ɗan'uwansa. A jera b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ, a ga ko cikinsu ɗaya ne, ko kaurin sandarsu ɗaya ne, ko ƙugiyar ta tsaya daidai da tsayin l da h. Ƙugiyar ɗ tana karkata dama, don haka a dubi faɗi da ɗaɗɗaure, inda takan ci karo da ɗigon i ko ta matsi harafin da ke biye. Ta Ɗ da Ɓ kuwa hagu take fita, takan sa farkon layi ya yi kamar ya goce. Sa'an nan a buga shafin a takarda da girman da za a yi littafin, maki 10 ko 11, domin ƙugiyar da ta yi kyau a allo tana iya ƙanƙancewa har baƙi ya koma baki.

A ra'ayina, mai bugun Hausa ya fara da zubin da aka zana tun asali domin ya ɗauki harsuna da dama har da na Afirka, irin su Charis SIL da Gentium da Andika na ƙungiyar SIL, ko dangin Noto na Google. Tsofaffin zube-zuben nan kuwa da suka ɗora ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v, komai kyansu a injin mai su, da zarar rubutun ya je wata na'ura sai a karanta qasa da xaya, kuma babu magani sai a musanya kowane harafi da na Unicode kafin a tura wa maɗaba'a.