Ciwon da ba a iya faɗa

Har zuwa shekarun 1980, a asibitocin Turai da Amurka ana yi wa jarirai tiyata da ɗan abin kashe zafi kaɗan, wani lokaci ma babu, saboda zaton ba sa jin ciwo kamar manya. Binciken Dakta Anand na 1987 ya taimaka wajen rushe wannan zato. Sai tambaya ta saura: wanda ba ya magana, ta yaya za a san zafin da yake ji?

Ido ake sawa, amma bisa ƙa'ida. A 1997 aka fito da ma'aunin FLACC a Jami'ar Michigan, don yara daga wata biyu zuwa shekara bakwai. Ana duba fuska, ƙafafu, motsin jiki, kuka, da ko yaron yana rarrasuwa. Kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 2, jimla 10.

A ce ɗan shekara ɗaya ne ruwan zafi ya ƙona wa cinya. Nas za ta yaye zanen da aka lulluɓe shi, ta zuba masa ido na 'yan mintuna. Ya murtuke fuska, haɓarsa tana rawa: maki 2. Ya naɗe ƙafafu zuwa ciki: 2. Yana mutsu-mutsu amma bai sanƙare ba: 1. Kukan yana zuwa yana ɗaukewa: 1. Uwa ta rungume shi, ta ba shi nono, ya ƙi lafawa: 2. Jimla 8 ke nan, kuma daga 7 zuwa sama ciwo ne mai tsanani. A ba shi magani, sannan a sake aunawa bayan ya fara aiki. Wannan awo na biyu shi ne aka fi mantawa, alhali shi ke nuna ko maganin ya isa.

Ma'aunin yana da iyaka. Yunwa da tsoro ma suna sa kuka. Abin da ya fi haɗari shi ne shiru: yaron da tamowa ta cinye, ko ya daɗe cikin azaba, yakan kwanta lamo, a ɗauka sauƙi ya samu.

Tsoho mai gigin tsufa kuwa, in ya fara kai duka lokacin wanka ko ya ƙi abinci, kafin a ce rigima ce a duba haƙori, gyambon kwanciya, ko fitsarin da ya ƙi fita. Wanda ya yi doguwar suma ana lura da shi ne lokacin da ake juya shi: yamutsa fuska, ƙandarewar hannu, kokawa da na'urar numfashi. Bugun zuciya da hawan jini kaɗai ba abin dogaro ba ne, don zazzaɓi da magunguna suna canza su.

In kina jinyar ɗanki ko mahaifinki, ke kika san yadda yake a ranar lafiya. Duk canjin da kika gani, ki faɗa wa nas, ko ba ta tambaya ba.