Bincike ɗaya, alƙaluma biyu: kafa hujja da daftarin da ba a tantance ba

Ranar 22 ga Yunin 2020, lokacin da cutar korona ke kan ganiyarta, masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Oxford suka ɗora wani rahoto a rumbun intanet mai suna medRxiv. Sun gwada maganin deksametason, wani tsohon magani mai araha, a kan marasa lafiya 2,104 da ke kwance a asibitocin Birtaniya, suka kwatanta su da wasu 4,321 da aka yi wa jinyar da aka saba. Rahoton ya ce cikin kwana 28, mutum 454 ne suka rasu a rukunin da aka ba maganin, wato kashi 21.6 cikin ɗari, a ɗaya rukunin kuma 1,065, wato kashi 24.6.

Ba a cika wata guda ba, ranar 17 ga Yuli, aikin ya fito a mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine. Marasa lafiyan su ne dai, maganin ma shi ne, amma alƙaluma sun motsa. Mamata a rukunin farko sun zama 482, kashi 22.9, a na biyu kuma 1,110, kashi 25.7. Babu wanda ya yi ƙarya. A lokacin rubutun farko ba a gama tattara labarin wasu marasa lafiyan ba, daga baya bayanansu suka iso. Sakamakon bai canja ba, maganin yana rage mutuwa a tsakanin masu buƙatar iskar shaƙa da waɗanda ke kan na'urar numfashi. Amma ɗalibin da ya rubuta 21.6 a kundin digirinsa, sannan ya jingina shi ga mujallar, ya ɗora mata abin da ba ta faɗa ba.

Irin wancan rubutu na farko daftari ne da masu bincike ke bazawa kafin editan mujalla ya aika wa wasu masana su tantance shi. Al'adar ta yi ƙarfi ne daga 1991, da Paul Ginsparg ya kafa rumbun arXiv don masana kimiyyar fiziks. Masu nazarin halittu sun samu bioRxiv a 2013, likitoci suka samu medRxiv a 2019, akwai kuma AfricArXiv da aka buɗe a 2018 don binciken Afirka. Masu kula da rumbunan suna yin ɗan dubawa don kawar da satar fasaha da abin da ba bincike ba ne, amma ba sa bin lissafi layi-layi. Karanta su kyauta ne, shi ya sa ɗalibi a Zariya ko Sakkwato, wanda ɗakin karatun jami'arsa bai biya kuɗin wata mujalla ba, sau da yawa daftarin kaɗai yake iya samu.

Kafa hujja da shi ba laifi ba ne. Hukumar da ke ɗaukar nauyin binciken lafiya a Amurka, NIH, ta yarda da hakan a takardun neman tallafi tun 2017. Sharaɗin shi ne kada a ɓoye wa mai karatu. A cikin jimlar kanta a ce masa daftari ne da ba a tantance ba, a jerin manazarta kuma a sa sunan rumbun a inda aka saba sa sunan mujalla, da alamar da ke nuna matsayinsa, da lambarsa ta DOI, wadda ita ce adireshin takarda na dindindin:

```
Horby P, et al. Effect of Dexamethasone in Hospitalized Patients with COVID-19 – Preliminary Report. medRxiv [Preprint]. 2020. doi:10.1101/2020.06.22.20137273
```

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Marubuta suna iya gyara daftari su sake ɗorawa sau da dama, kuma a medRxiv da bioRxiv duk gyare-gyaren lambar DOI ɗaya suke ɗauke da ita. Abin da ke bambanta su shi ne `v1` ko `v2` da ke ƙarshen adireshin. Wanda bai rubuta wane zubi ya karanta ba, ko ranar da ya karanta, ya bar mai bin sawunsa cikin duhu.

To, idan bugun mujalla ya fito fa? Ƙa'idar kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ita ce a koma ga bugun da aka tantance a duk inda ya dace. Sai dai mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin aikin tafinta: a goge layi ɗaya a jerin manazarta, a liƙa wani. Nan ne ake tafka kuskure. Sai an buɗe sabon bugun, an nemo daidai jimlar ko jadawalin da aka dogara da shi, an ga ko yana nan yadda yake. Masu tantancewa kan sa a sake lissafi, a sassauta iƙirarin da ya yi ƙarfi, ko a cire sashe ɗungurungum.

A misalin deksametason, gyaran ya wuce alƙaluma. Taken ya ɗan sauya. Sunan marubuci ya koma na ƙungiyar, RECOVERY Collaborative Group, don haka "Horby da abokansa" da ke cikin rubutu shi ma sai an taɓa shi. Lambar DOI ta zama `10.1056/NEJMoa2021436`. Shekara ma tana iya rikita mutum, domin abin da ya fito a intanet a Yulin 2020 rahoton wucin gadi ne, bugun ƙarshe sai a watan Fabrairun 2021 ya fito, a kundi na 384, shafi na 693 zuwa 704.

Gano cewa an buga ba shi da wuya. A shafin daftarin, medRxiv kan sa sanarwa mai farawa da "Now published in" tare da hanyar zuwa mujallar. Amma na'ura ce ke haɗa su, kuma takan kasa idan take ya sauya sosai, don haka gara a nemi sunayen marubutan a Google Scholar ko Crossref. Manhajojin tara manazarta irin su Zotero sukan riƙe bayanin da aka ba su ranar farko har sai mai su ya sabunta.

Wani lokaci kuma barin daftarin shi ne daidai. Idan abin da aka ɗauko an cire shi daga bugun mujalla, daftarin ne tushensa, sai dai ya kamata mai rubutu ya tambayi kansa me ya sa aka cire. Haka mai ba da tarihin abin da likitoci suka sani a Yunin 2020, shi ma daftarin zai ambata, ko ya kawo duka biyun. Wasu ayyukan ma ba su taɓa shiga mujalla ba. Grigori Perelman, masanin lissafi ɗan Rasha, a arXiv kawai ya ajiye takardunsa na 2002 da 2003 da suka warware matsalar Poincaré.

Mafi haɗari shi ne daftarin da aka janye. A Nuwamban 2020 wani daftari daga Masar ya fito a rumbun Research Square, yana cewa maganin ibamektin yana rage mutuwar masu korona ƙwarai. Masu haɗa sakamakon bincike da dama suka zuba alƙalumansa cikin lissafinsu. A Yulin 2021 rumbun ya janye shi, bayan an gano matsaloli a bayanan marasa lafiyan, har aka janye ɗaya daga cikin nazarce-nazarcen da suka dogara da shi. Wanda ya sauke kwafinsa a waya tun farko, bai sake komawa shafin ba, babu abin da zai sanar da shi.

Don haka ɗalibin da ke shirin kai kundinsa wurin ɗauri, ko malamin da mujalla ta aiko wa shafukan ƙarshe don dubawa, ya ware yamma ɗaya ya buɗe shafin kowane daftari da ke jerinsa, ya ga ko an buga shi, ko an gyara, ko an janye.