Yadda Babban Banki Ya Yi Kokawa da Faɗuwar Naira

A tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, amma kafin ƙarshen Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Da yake mai ne ke kawo wa Najeriya mafi yawan dalarta, sai dala ta yi ƙaranci, masu nemanta kuwa ba su ragu ba. Darajar naira ta fara zubewa.

Abin da Babban Bankin Najeriya ya fara yi shi ne buɗe asusun ajiyarsa na kuɗin waje. Yakan sayar wa bankuna dala, ya karɓi naira. Idan dala ta wadata a kasuwa, naira kuma ta ragu a hannun jama'a, farashi kan lafa. Sai dai bankin yana iya buga naira iya son ransa, dala kuwa sai wadda ya tara. Daga Fabrairun 2015 ya kafe farashi a kusan naira 197, ya yi ta sayarwa, asusun yana ramewa har ya kai wajen dala biliyan 24 a Oktoban 2016. Da ya ga tulun yana yoyo, a Yunin 2015 ya hana masu shigo da kaya iri 41 samun dala a farashin gwamnati, ciki har da shinkafa da tsinken sakace.

Waɗanda aka hana ba su koma gida sun kwanta ba. Wapa suka nufa a Kano, ko Zone 4 a Abuja, wajen 'yan canji. Nan ake gane ko dabara ta ci: muddin tazara tsakanin farashin banki da na bayan fage tana faɗaɗa, kasuwa ba ta yarda da farashin gwamnati ba. Mai hanya kuma ya sayi dala da araha a banki, ya sayar da tsada a titi.

A ranar 20 ga Yunin 2016 bankin ya saki, dala ta tashi zuwa kusan naira 280.

Sai aka juya ga kuɗin ruwa, aka ɗaga shi daga kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari a Yulin shekarar. Manufar ita ce mai kuɗi ya ga riba a ajiye naira, ko ya shigo da dalarsa ya sayi takardun bashin gwamnati. Amma hauhawar farashin kaya ta haura kashi 18 a ƙarshen 2016, wato mai ajiyar naira asara yake tafkawa, ɗan kasuwar da ke neman rance kuma ya ji a jikinsa. A Fabrairun 2017 dala ta kai kusan naira 520 a bayan fage. Ba ta sauko ƙasa da 400 ba sai da mai ya farfaɗo, bankin ya sami dalar da zai sake zubawa a kasuwa.