A San Su Kafin a Zubar

'Yan'uwa manoma, lissafin bashin taki da na hatsin ƙungiya yanzu yakan kwana cikin ɗan abin da bai kai tafin hannu ba. Idan sabon magatakarda bai gane shi ba, yana iya zubarwa tare da shara. Ga yadda mu ke gane su.

Katin memori na waya bai fi farce girma ba, tsawonsa milimita 15. Kada mu ɗauka sim ne. Sim yana da faranti mai ruwan zinariya shimfiɗe a jikinsa, amma memori yana da siraran layuka jere a baki ɗaya.

Filash kamar yatsa ya ke, da bakin ƙarfe wanda a ke cusawa a kwamfuta. In ya ƙi shiga, a juya shi, kada a danna da ƙarfi.

Had-dis ɗan akwati ne mai nauyi. Akwai faifai mai juyawa a ciki, saboda haka faɗuwa ɗaya tana iya kashe shi.

Fulofi tsohon yayi ne, falle mai kusurwa huɗu, wajen santimita 9, da ƙyauren ƙarfe mai zamewa. Mayen ƙarfe yana share abin da ke cikinsa, don haka a nisanta shi da lasifika. Kwamfutocin yanzu ba su da ƙofarsa, sai an nemi na'urar karanta shi.

Kowanne muka sa, in kwamfuta ta nuna Format, kada mu yarda, gama za ta share lissafin duka. Mu cire shi, mu kai wa wanda ya iya.