Ƙirgen masu POS a Sabon Birni da Isa: ina gurbin yake?

Tun da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya sa masu POS suka ci kasuwa, saurayin da ya tara ɗan jari a Sabon Birni ko Isa ba ya tunanin wata sana'a sai ta lema da teburi da na'ura. Dalilan a fili suke. Banki ya yi nisa, hanyar Sakkwato ta Goronyo ba ta biyuwa hankali kwance, noma ya ja baya, ga 'yan gudun hijira sun cika gari suna jiran aike daga 'yan'uwa. Buƙata ta ƙaru, amma masu hidimar sun fi ta saurin ƙaruwa, ribar kowa ta tsuke.

Mai shirin shiga yakan zaga ya ƙirga lemomi, ya ce kasuwa ta cika ko da sauran wuri. Wannan ƙirge bai isa ba. Abin ƙirgawa shi ne masu tsabar kuɗi a hannu lokacin da ake nema.

A ce ka ƙirga teburi 12 tsakanin tasha da bakin kasuwa. Zauna ranar kasuwa, daga hantsi zuwa la'asar, ka lura. Idan kowane teburi na samun mutum 30, ana karɓar Naira 100 kan dubu biyar, to cinikin yini kusan Naira 3,000 ne, kafin a cire cajin kamfani da data da kuɗin caji. Na 13 ba zai kawo sabon mai cire kuɗi ba, rabon ne zai ragu. Amma duba bayan azahar. Dillalin awaki ya zo neman dubu 300, ya bi teburi tara ana ce masa "kuɗi sun ƙare" ko "ba sabis". Ashe abokan takararka na gaskiya uku ne, kuma gurbin yana wurin manyan cire-cire. Mai iya cike shi shi ne wanda ya ƙulla da mai shagon hatsi ko mai sayar da fetur, yana karɓar tsabarsu yana tura musu ta asusu.

Sai dai a ƙasar Gobir ba kowane wurin da babu kowa ne gurbi ba. Ƙauyen da ba shi da mai POS ko ɗaya, sau da yawa an taɓa yi, tsoron 'yan bindiga ya kore shi, domin mai riƙe tsaba abin hari ne. A Satumban 2021 kuma, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, na'urorin sun tsaya cik.

Don haka kafin ka zuba jarinka, nemi wanda ya taɓa yin sana'ar a wurin ya bari, ka tambaye shi abin da ya tashe shi.