Tayin albashi: yadda ake neman ƙari ta imel

An yi maka tayin aikin akanta a Kano, naira dubu 250 a wata. Kada ka amsa nan take. Yi godiya, ka nemi kwana biyu. Fara tambaya: kuɗin nan kafin cire haraji da fansho ne? Kashi 8 na fansho kaɗai yana rage abin da zai shigo hannunka.

Sai ka rubuta: “Na ji daɗin tayin nan ƙwarai. Ganin shekaru huɗu da na yi ina haɗa rahoton kuɗi, ko za a duba dubu 290?”

Adadi ɗaya, dalili ɗaya. Kukan tsadar haya ba hujja ba ce wurin ma'aikata. In sun ce kasafi ya ƙare, nemi a rubuta alkawarin sake dubawa bayan wata shida.